Corolla mai mil 212,000: yadda muka zaɓa mata baƙin mai

Motar Toyota Corolla ce ƙirar 2003, mai injin 1ZZ-FE na lita 1.8, irin waɗanda ake shigowa da su daga Amurka ta Kwatano. Mai ita malamin sakandare ne a Kano, ya kusa ritaya, kuma shekararta tara a hannunsa. A farkon Disamba ya kawo ta garejinmu, ba don ta tsaya ba, sai don mutum biyu sun sa shi a tsakiya. Ɗan yayansa ya ce masa ya daina zuba mata man minaral 20W-50 da ya saba, ya koma ful sintetik 5W-30, don lambar da Toyota ta rubuta wa motar ke nan. Tsohon bakaniken da ya daɗe yana yi masa juye kuwa ya ce duk ranar da ya zuba wa wannan tsohuwar mai ruwa-ruwa, ranar zai fara neman kuɗin inji.

"To Oga, wanne zan bi a ciki?" in ji shi.

Na ce, "Malam, mu fara jin ta bakin motar tukuna."

Agogonta yana nuna 212,000. Malam ya ɗauka kilomita ne, alhali motar Amurka da mil take ƙirge. In aka juya, ta wuce kilomita 341,000, in ma ba a taɓa agogon ba kafin ta iso hannunsa. Abin da yake kuka da shi uku ne. Da sanyin safiya in ya tayar da ita, takan yi ƙarar kaca-kaca na daƙiƙa uku ko huɗu sannan ta yi shiru. Wutar gargaɗin inji tana kunne. Kuma tana rage baƙin mai, amma bai san nawa ba. Abin da ya iya cewa shi ne, kafin lokacin juye ya yi yakan ƙara mata sau biyu ko uku, gwargwadon yadda yaron gidan mai ya duba ya ce a ƙara.

Abubuwa biyu da ake haɗawa wuri ɗaya

Gardamar ɗan yayan da tsohon bakanike ba za ta taɓa ƙarewa ba, domin ba magana ɗaya suke yi ba. Ɗaya yana maganar irin mai, ɗaya yana maganar kaurinsa. A kasuwarmu abin ya cakuɗe ne saboda yawancin minaral da ake sayarwa mai kauri ne, 20W-50 ko tsantsar 40, yawancin sintetik kuma mara kauri ne. Sai mutane suka ɗauka sintetik yana nufin ruwa-ruwa. Ba haka ba ne. Akwai ful sintetik 5W-40, har da 10W-60, wanda ya fi 20W-50 kauri idan inji ya ɗauki zafi.

Lambar da ke gaban W tana faɗin yadda man yake gudu da sanyi, ta bayan kuma kaurinsa a digiri 100, wato wajen zafin da mai yake aiki a cikin inji. A ma'aunin SAE, wanda ake auna kaurin mai da shi, kaurin mai lamba 30 yana tsakanin 9.3 da 12.5 a wannan zafin, mai 40 daga 12.5 zuwa 16.3, mai 50 daga 16.3 zuwa 21.9. Lambobin ba su ce komai ba a kan ko minaral ne ko sintetik.

Irin mai kuwa maganar tushe ce. Minaral ɗanyen man fetur ne da aka tace, ƙwayoyinsa ba girma ɗaya ba ne, shi ya sa ƙananan cikinsu suke saurin tashi da zafi, sauran kuma su ƙone su bar datti. Ful sintetik ko dai an haɗa shi ne daga sinadarai, ko kuma man fetur ne da aka yi wa matsananciyar tacewa har ƙwayoyinsa suka daidaita. Wannan na biyun shi ne mafi yawa a kanti tun 1999, lokacin da Mobil ta yi ƙorafi a Amurka a kan Castrol, kwamitin da ke sasanta rigimar talla ya ce ba laifi a kira irinsa sintetik. Sami-sintetik gauraye ne na biyun, kuma babu wata ƙa'ida da ta tilasta wa kamfani yawan sintetik ɗin da zai sa. Wani ya sa da yawa, wani ya ɗan yayyafa. Saboda haka ni na fi duba darajar API, wato matakin ingancin mai da ake rubutawa a bayan galan, fiye da babban rubutun da ke gabansa. Littafin wannan motar SL ya nema, wadda ta fito a 2001. SM, SN da SP sun biyo baya, kuma duk suna hawa injin fetur da aka rubuta wa SL.

Abin da muka tarar a ciki

Kafin a sayi ko da lita ɗaya, mun buɗe murfin saman inji. Nan ne tarihin juyen mota yake a rubuce, ba a bakin mai ita ba. Ƙarfen ya rine ya yi ruwan goro mai duhu, akwai baƙin kwaɓi mai laushi a lungu-lungu, amma bai daskare ya zama kamar kwalta ba. Da mun tarar da daskararre wanda sai an kankare, da shawarar duka ta sauya. Mun kwance kaskon ƙasa, wanda muke kira botom filet, muka duba ragar da famfon mai yake zuƙa ta cikinta. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu ta toshe. Muka wanke ta.

Na'ura ta karanta mana P1349, wato matsala a tsarin VVT-i. Wannan tsarin da matsin baƙin mai yake aiki: akwai wani bawul na lantarki da ke tura mai cikin giyar da ke kan kamshaf, ita kuma ta sauya lokacin buɗewar bawulolin iska. Kafin man ya kai ga bawul ɗin sai ya bi ta wata 'yar raga da ba ta kai ɗan yatsa ba. Mun zaro ta, ta cushe. Inji irin wannan ba Fijo 504 ba ne da za a ɗura wa kowane irin mai ya haɗiye. Hanyoyin mansa sirara ne, kuma da asubar hunturu a Kano, lokacin da sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15, 20W-50 yana tafiya kamar zuma. Daƙiƙun da yake ɗauka kafin ya hau sama su ne daƙiƙun da Malam yake jin ƙara.

Sai abin da na riga na yi zato: babu tamostat, abin da ke tare ruwan inji daga zagayawa har sai inji ya yi zafi, kuma an haɗa fanka kai tsaye, tana juyawa tun daga murɗa makulli. An yi masa haka ne shekarun baya wai don ƙasarmu da zafi. Illar ita ce injin ba ya kaiwa zafin aikinsa, musamman a gajeriyar tafiya irin ta gida zuwa makaranta. Tururin ruwa da fetur ɗin da ke sulalewa cikin mai ba sa samun zafin da zai kore su, sai su zauna su haɗu da toka su zama wannan kwaɓin. Ko man da ya fi kowane tsada aka zuba wa inji mara tamostat, haka zai lalata shi. Bawul ɗin PCV, wanda ke fitar da hayaƙin cikin inji, shi ma ya maƙale, girgiza shi muka yi ba ya ƙara. Idan ya toshe, matsi yakan taru a ciki ya riƙa tura mai waje ta kowane sil mai rauni, wato robar da ke tare mai. Akwai yoyo wuri biyu, a gasket ɗin murfin sama da kuma robar tenshinan sarƙa, wuraren da wannan injin ya yi suna da su.

Gwaji biyu ne suka ba mu ƙarfin gwiwa. Matsin silinda huɗun ya fito 172, 168, 165 da 170 psi. Mafi ƙarancin da Toyota ta yarda da shi 145 ne, kuma kada tazarar silinda da silinda ta wuce 15. Matsin mai kuma, da inji ya yi zafi a juyi 3,000 a minti, ya nuna 68 psi, cikin iyakar 43 zuwa 78 da littafin gyara ya bayar. Ma'ana metal ɗin karanshaf, ƙarafan da yake juyawa a cikinsu, ba su cinye ba. Wannan yana da muhimmanci, domin babbar hujjar zuba wa tsohon inji mai mai kauri ita ce cike gurbin da metal suka buɗe. In gurbin bai buɗe ba, hujjar ta ragu ƙwarai. Yawan lamba a agogo ba shi ne tsufan inji ba.

Amma kyan matsin silinda bai wanke ringi duka ba. Kowane fistin yana da ringi uku, biyun sama su ke riƙe matsi, na ƙasan shi ke share mai daga jikin silinda ya mayar da shi ƙasa ta wasu ƙananan ramuka. A injin 1ZZ na shekarun farko waɗannan ramukan suna saurin toshewa da ƙonannen mai, ringin ya manne a gurbinsa, man da ya kamata ya koma ƙasa ya hau sama ya ƙone. Toyota ta sauya fasalin fistin ɗin daga baya. Fulogi na biyu da na uku a motar Malam suna ɗauke da farar toka mai kauri, alamar ana ƙona mai a nan.

Awo

Abin da ya fi wahala shi ne shawo kan Malam ya yarda cewa ba za a yanke hukunci a ranar ba. Na ba shi kwalba mai ma'auni da ƙaramin littafi. Sharaɗin shi ne wuri ɗaya zai riƙa dubawa, a dandamalin ƙofar gidansa inda ƙasa take a daidai, da safe kafin ya tayar da ita. Duk kilomita 500 zai cika ta zuwa layin sama na geji, ya rubuta abin da ya zuba da lambar agogo. Ba yaron gidan mai, ba dubawa inji na da zafi, domin man da ke sama bai gama sauka ba, geji zai nuna ƙasa da gaskiya, a yi ta ƙari har ya yi yawa.

Da gangan muka bar ta kilomita 1,000 na farko da tsohon manta da yoyonta, bayan wanke ragogin nan biyu kawai, don mu san daga inda muka tashi. Ta sha mililita 600. Littafin motar ya ce har lita ɗaya a kilomita 1,000 ba a kiransa lalacewa, amma wannan iyaka ce ta kamfani mai kare kansa. Injin yana ɗaukar lita 3.7 ne da filta. Mai shan 600, in aka yi sakaci da shi kilomita 3,000, ya shanye kusan rabin mansa. Wutar mai da ke gaban direba kuwa ba yawan mai take aunawa ba, matsi take aunawa, kuma ba ta kamawa sai matsin ya kusa ƙarewa. Kafin ta kama an riga an yi ɓarna.

Daga nan muka yi gyara: tamostat, mayar da fanka kan tsarinta, sabon PCV, gasket da robar tenshina, sabuwar filtar iska. Malam ya nemi a zuba masa maganin wanke inji, irin wanda ake bari ya yi sulo na minti goma. Na ƙi. A inji mai kwaɓi, maganin yana ɓamɓaro datti gaba ɗaya, ya tafi ya toshe ragar famfo, kuma na ga injin da aka rasa ta wannan hanyar. Na fi son a wanke a hankali da man kansa. A nan minaral ya yi mana amfani: muka zuba 15W-40 mai araha amma na gaske, da niyyar zubar da shi bayan kilomita 2,000. Mai da za a zubar da wuri haka, ɓarnar kuɗi ne a sayi mai tsada. Ya fito baƙi ƙirin, filtar ta yi nauyi a hannu. Shan mai ya sauka zuwa 450. Wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ake ɗora wa tsufan inji, ƙasa yake ɗiga. Wutar gargaɗi ba ta dawo ba.

Zagaye na gaba sami-sintetik 10W-40 ne mai darajar SN, daga Fabrairu zuwa tsakiyar Afrilu, kilomita 4,000. Littafin Malam ya nuna 400 a kowace dubu. Matsin mai da zafi 57. Ƙarar safe ta ragu zuwa kamar daƙiƙa ɗaya, ba ta ɓace ba, domin giyar VVT ɗin kanta ta ci, kuma mai ba ya mayar da ƙarfen da ya tafi.

A nan ne ɗan yayan ya dawo da maganarsa, kuma yana da gaskiyarsa: 5W-30 ne a rubuce a murfin mai. Muka gwada ful sintetik 5W-30. Motar ta ɗan ƙara sauƙi a ƙafa, Malam ya ce yana jin kamar fetur ya fi daɗewa, ko da yake wannan ba mu auna ba. Matsin mai 49, har yanzu cikin iyaka. Amma shan mai ya hau 700, kuma in ta daɗe a sulo cikin cunkoso sannan aka taka totur, ana ganin shuɗin hayaƙi a salansa. Tsohon bakanike ya ji labari, ya aiko Malam da saƙo cewa ai dama ya faɗa.

Kuskuren nawa ne. Na sauya abu biyu a lokaci guda, iri da kauri, ga kuma zafin Afrilu da Mayu a kai, don haka ba ni da bakin cewa wanne ne ya jawo. Bayan kilomita 3,000 muka juye, muka zuba ful sintetik 5W-40, wato iri ɗaya da na baya amma kaurinsa da zafi daidai da sami-sintetik ɗin da muka gwada. Ta yi kilomita 5,000 da shi. Shan mai ya dawo 400, hayaƙin ya ɗauke. Mota ɗaya ce, kuma damina ta shigo ana cikin wannan zagayen, ba zan ce ɗakin gwaji muka yi ba. Amma 10W-40 ɗin ma ya ratsa zafin Maris da rabin Afrilu bai wuce 400 ba. Abin da littafin ya nuna a fili yake: lambar bayan ce take juya shan man wannan injin, ba sunan da ke gaban galan ba. Ringin da ya manne ba ya iya share siririn mai, mai ɗan kauri kuma bai cika wucewa ba.

Maganar yoyo

Tsoron da ya fi yawo shi ne sintetik yana fasa sil ɗin tsohuwar mota. Maganar tana da asali. Sintetik na farko-farko, a shekarun 1970, wasunsu suna sa roba ta tsuke, wasu suna kumbura ta. An daɗe da daidaita wannan, kuma gwajin jituwa da roba yana cikin abin da ake yi wa man zamani. Abin da ya rage shi ne, sil ɗin da ya riga ya bushe ya tsage, wani lokaci dattin da ya taru a bayansa ne yake toshe tsagar. In mai mai wanki sosai ya zo ya kwashe dattin, yoyo ya bayyana. Man bai fasa komai ba, asiri ya tona. Sai dai ga mai mota bambancin ba shi da yawa, tun da ko ta yaya ƙasan motarsa ya jiƙe, kuma in sil ɗin bayan karanshaf ne sai an sauke giya kafin a kai gare shi. A motar Malam mun sa ido a wannan wurin duk wata biyar na sintetik. Ya yi ɗan gumi, bai taɓa ɗiga ba. Da mun fara da sintetik tun Disamba ba tare da gyara PCV da gasket ba, da yoyon ya ƙaru, da kuma an ɗora wa man laifi.

Akwai man da ake yi musamman don motocin da suka wuce mil 75,000, mai sinadarin laushin roba. Yana taimaka wa sil ɗin da ya fara bushewa. Wanda ya tsage sai canji.

Lissafi

Da aka zo nan, 20W-50 ya fita saboda VVT da sanyin safe, 5W-30 ya fita saboda ringi. Saura biyu da injin yake sha daidai wa daida: sami-sintetik 10W-40 da ful sintetik 5W-40. A shagon da muke saye, na biyun ya kai kusan ninki biyu na farashin na farko.

Babban abin da mutum yake saye da kuɗin ful sintetik shi ne daɗewa. Yana jure zafi, ba ya saurin ruɓewa, don haka ana iya tsawaita juye. To amma ba zafi kaɗai ke kashe mai ba. A tsohon inji hayaƙi yana ratsa ringi ya sauka cikin mai, ga fetur, ga ƙurar da ke kutsawa duk da filta, musamman da hunturu. Waɗannan ba ruwansu da ko man sintetik ne, cika shi za su yi. Tafiyar Malam yawanci gajeriya ce, cikin gari, sai Zariya sau biyu a wata. Irin wannan aikin ne littattafan mota suke kira mai tsanani, suke cewa a rage tazarar juye.

Mun zauna da biro. Da sami-sintetik, juye duk kilomita 5,000: lita 3.7 na juye da lita 2 na ƙari, 5.7 ke nan, wato lita 1.14 a kowace dubu. Da ful sintetik, ko da an ja shi har 8,000, wanda ni ban so ba a wannan motar: 3.7 da 3.2, lita 6.9, wato 0.86 a kowace dubu. In aka ninka saboda farashi, ya zama kamar 1.72 a kan 1.14. An ɗan rage kuɗin filta da na aiki, amma bai cike tazarar ba. Kusan rabin man mai tsadar ta salansa zai fita.

Ba na so in yi wa ful sintetik rashin adalci, don akwai hujja mai ƙarfi a gefensa, kuma a wannan injin ta fi ƙarfi. Ciwon 1ZZ shi ne mai yana ƙonewa a gurbin ringi, kuma sintetik ya fi kowane jure wannan. Da tun tana sabuwa aka riƙe ta da shi da juye a kan kari, mai yiwuwa ringin bai manne ba. Amma rigakafi ne, ba magani ba. Kilomita 8,000 da ta yi da sintetik iri biyu ba su saki ringin ba, ga littafi ya nuna. Da Malam direban hanya ne mai zuwa Abuja kullum, inji yana juyi mai yawa na sa'o'i cikin zafi, da 5W-40 zan ce ya riƙe, domin a nan zafi ne ke cin mai kuma tazarar juye za ta tsawaita da gaske. Da kuma matsin mai ya faɗo ƙasa da iyaka, ko tana shan lita a dubu ana jiran kuɗin buɗe inji, da minaral 20W-50 zan mayar da shi, ya lallaɓa da shi da juye duk 3,000. Tsohon bakanike ba shirme yake yi ba. Injinan da ya koyi aiki a kansu da irin wannan man suka saba, kuma ya ga da yawa da kaurin mai ya ƙara wa kwana.

Na ce, "Malam, sami-sintetik 10W-40, SN ko sama da haka. Juye duk kilomita 5,000 ko wata huɗu, wanda ya riga zuwa, da sabuwar filta kowane karo."

Ya ce, "Wane kamfani?"

Na ce masa wannan bai dame ni ba kamar wurin saye. Galan na jabu ya yi yawa, kuma wanda ya fi tsada shi aka fi kwaikwaya, tun da nan ribar take. Ana sayen tsofaffin galan a wanke a cika da man da ba a san asalinsa ba, a manna murfi. Ido ba ya rabe mai kyau da mara kyau in an tsiyaya, launi ba ya faɗin komai. Abin da mutum zai iya shi ne ya saya a gidan mai na kamfanin ko wurin dilan da aka sani, ya duba zoben murfi da lambar da aka buga a jikin roba, ya tsaya a buɗe a gabansa, in an gama kuma ya huda galan ɗin. Minaral na gaske ya fi ful sintetik na ƙarya nesa ba kusa ba. Na kuma ce kada ya bari a juye masa galan mai lita 4 duka a ciki, ragowar ta farkon ƙari ce. In a hanya ya rasa irin nasa, ya ƙara da duk mai kyau da ya samu, ire-iren suna gaurayuwa, kuma gauraye ya fi geji a ƙasa.

Mun ajiye iyaka a rubuce a bangon littafinsa. Ranar da shan mai ya kai mililita 800 a dubu sau biyu a jere, ko fulogi ya fara jiƙewa har inji yana tsallen wuta, an gama maganar galan, za a ciro fistin a wanke gurbin ringi, a buɗe ramukan, a sa sababbin ringi da sil ɗin bawul. Ba don mai kaɗai ba: tokar man da ke ƙonewa tana taruwa a matatar hayaƙi ta salansa, wadda muke kira indomi, ta kashe ta, kuma kuɗinta ba kaɗan ba ne.

Ya zo juye na uku a kan wannan tsarin makon jiya, agogo ya haura mil 230,000. Na buɗe murfin mai na haska, ruwan goron yana nan amma kwaɓin lungu ya tafi. Layin ƙarshe a littafin ya nuna 450, ya ɗan hau daga 400. Sil ɗin bayan karanshaf yana nan da guminsa. Na rubuta masa ya dawo bayan kilomita 1,000 mu sake duba fulogi na biyu da na uku.